Hadira, Haɗinki ko Zanado: wane haɗin suna ya fi dacewa da shagon ɗinki?

Tela a Jos yakan gane amfanin suna ne ranar da kwastoma ta sa rigarsa ta je biki, wata ta tambaye ta wa ya ɗinka. Idan amsar ita ce "wani yaro ne can wajen Bauchi Road, kusa da mai chaji", to aikin ya tafi hannun wani. Abin da ake nema shi ne kalma ɗaya da za a faɗa cikin hayaniyar kiɗa, a ji ta sau ɗaya, a koma gida a rubuta ta a waya ba kuskure. Hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan kalma ita ce a yanko wani ɓangare daga kalmomi biyu a haɗa su, kamar yadda aka ɗauko Tanganyika da Zanzibar a 1964 aka samu Tanzaniya, ko yadda Kano da Hollywood suka ba da Kannywood.

Sai dai haɗin iri-iri ne, kuma kowane iri da inda yake yagewa. Domin a ga bambancin a fili, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata tela ce mai suna Hadiza, tana ɗinkin mata: atamfa, leshi, doguwar riga, ankon biki. Tana da abokiyar aiki, Rahila, wadda suka haɗa kuɗin haya da keken ɗinki biyu. Kwastomominsu Hausawa ne da Birom da Ngas da Ibo da Yarbawa, kamar yadda garin yake, kuma kasuwarsu takan tashi ne lokacin Sallah da lokacin Kirsimeti. Hanyoyi uku ne a gabansu: su haɗa sunayensu biyu, ko su haɗa suna da kalmar sana'a, ko kuma su haɗa kalmomin sana'a biyu su bar sunayensu a gefe.

Kafin a shiga kwatancen, akwai ƙa'idar bakin Hausa da ta shafi dukkan ukun. Gaɓar Hausa takan zo ne da baƙi da wasali, kamar ba, ko baƙi da wasali da baƙi, kamar ban. Baƙaƙe uku ba sa cunkushewa a tsakiyar kalma, kuma yawancin kalmomi da wasali suke ƙarewa. Duk sunan da ya saɓa wa wannan, bakin mutane zai gyara shi da kansa, kamar yadda aka samu burodi da sukurudireba. Idan baki ya gyara suna, rubutunsa ma ya canza ke nan, mai nema a waya ba zai same ka ba. Saboda haka a yanka kalma a bakin gaɓa, kuma a yi ƙoƙari sunan ya tsaya a gaɓa uku, haruffa shida zuwa bakwai. Gaɓa biyu takan yi karo da kalmar da ke akwai tuntuni, gaɓa huɗu kuma mutane za su gutsure ta yadda suka ga dama.

Suna da suna

Wannan ce hanyar da aka fi bi, domin ita ce ke fara zuwa rai, kuma akwai daɗin zuciya a cikinta: sunan uwa da 'ya, ko miji da mata, ko abokan tarayya. Hadiza da Rahila za su iya samun Hadira, idan aka ɗauki gaɓa biyu na farko daga Hadiza da ta farko daga Rahila. Za su iya samun Rahadi idan aka juya. Idan aka ɗauki gaɓa ɗai-ɗai, a samu Hara ko Raha.

Hara ta faɗi tun a ji na farko, domin kunne zai jawo harara ko haram. Raha kuwa kalma ce mai daɗi, ta wasa da dariya, kuma Rahila da Hadiza duk suna ciki daidai wa daida. Matsalarta ita ce kalma ce da kowa ya mallaka. Mai gidan abinci da mai sayar da turare duk za su iya rigan ku ɗauka, kuma idan aka rubuta ta a wurin bincike, shagon zai nutse cikin abubuwan da ba su da alaƙa da ɗinki. Hadira ta fi su duka: gaɓa uku, haruffa shida, babu harafi mai lanƙwasa, Bayarabe da Ba'angashe za su furta ta kamar Bahaushe. Amma ba ta faɗin komai game da sana'ar. Mai ji zai ɗauka sunan wata mace ce, har ya zo shago yana tambayar ina Hajiya Hadira. Dole ke nan kullum a liƙa mata wata kalma a baya, a allo da ko'ina, mai nuna cewa ɗinki ake yi.

Babban rauninta yana gaba. Tarayya takan rabu, ba sai da faɗa ba: aure ya ɗauke ɗaya zuwa Abuja, ko ɗaya ta buɗe nata a Bukuru. Ranar nan sunan ya zama abin rabo, kuma ba ya rabuwa kamar keke da almakashi. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya rubuta tun ranar farko, a gaban shaidu, wa zai riƙe sunan da shafin da lambar wayar idan aka rabu. Idan sunan uwa ne da 'ya, wannan damuwar ta ragu sosai.

Suna da kalmar sana'a

Nan ne aka fi samun haɗi mai ban sha'awa, kuma nan ne tarko ya fi yawa, shi ya sa za mu daɗe a kai. Dabarar ita ce a nemi inda kalmomin biyu suke da gaɓa mai kama, a ɗora ɗaya kan ɗaya, yadda ba za a ga wurin haɗin ba. Hadiza tana ƙarewa da za, zare yana farawa da za, sai a samu Hadizare. Tsakiyar Hadiza akwai di, ɗinki yana farawa da ɗi, sai a samu Haɗinki.

Haɗinki, a ji na farko, kamar an gama magana. Sunan mai shago yana ciki, sana'ar tana ciki, ga kuma ma'ana ta uku da ta faɗo a kyauta: haɗinki, wato haɗin kayanki, yadda kika dace riga da ɗankwali da mayafi. Amma a duba abubuwa uku.

Na farko shi ne harafin ɗ. Sunan shafi a Instagram ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa. Haruffan boko na yau da kullum, da lambobi, da ɗigo, da layin ƙasa kawai yake ɗauka, har guda 30. Mai buga allo ma sau da yawa irin rubutun da ya zaɓa ba shi da ɗ, sai ya sa d, ko wani akwati ya fito a wurin. Ke nan sunan zai rayu da fuska biyu, Haɗinki a baki, `hadinki` a waya. A wannan kalmar asarar ba ta da yawa, tunda Bahaushe zai gane, kuma da yawa daga masu jin Hausa a Jos da d suke furta ta dama. A wasu kalmomin kuwa lanƙwasar ce ma'anar gaba ɗaya. Wanda ya gina suna a kan kaya, ya sani cewa ƙaya ma haka ake rubuta ta idan babu lanƙwasa. Gwajin shi ne a rubuta sunan tsirara, ba lanƙwasa, a ba wanda bai taɓa jin sa ba ya karanta da ƙarfi.

Na biyu shi ne inda kalmar haɗi take yawo a kafafen sadarwa. Masu sayar da kayan gyaran jiki da sabulu da kayan mata suna amfani da ita ƙwarai, haɗin kaza da haɗin kaza. Shafi mai suna Haɗinki, idan ba a ga hotuna ba, mata da yawa can hankalinsu zai fara tafiya. Wannan ba laifin kalmar ba ne, amma mai shago ce za ta riƙa amsa saƙonnin da ba nata ba, kuma wasu magidanta ba za su so ganin sunan a kan leda a gidansu ba.

Na uku shi ne -ki ɗin ƙarshe, wanda mace kaɗai yake yi wa magana. Ranar da aka ɗauki tela namiji aka fara kaftani, sunan zai tsaya a ƙofa yana korar maza.

Hadizare ba ta da ko ɗaya daga waɗannan, amma gaɓa huɗu ce, kuma sunan Hadiza ya fito cikakke a ciki, don haka mutane za su yar da re su ci gaba da cewa shagon Hadiza. Ga kuma Rahila, wadda babu ita a ko wanne daga cikin biyun. Wannan hanya ta fi dacewa da telan da shi kaɗai ne mai shago, kuma unguwa ta riga ta san shi da sunansa. Idan shekara biyar ana cewa "kai wa Bala", to Balado, daga Bala da ado, za ta ɗauki tsoffin kwastomomi ta tafi da su. Amma a saurari abin da haɗin ya haifar a tsakiya. Musa da surfani sukan ba da Musurfa, wadda ke farawa da musu, kuma ba tela da ke son a fara kiran shagonsa da musu.

Wasu sukan ɗauko kalmar ta biyu daga Turanci ko Faransanci, irin Stitches da Couture da ake gani a alluna daga Terminus har Rayfield. A matsayin bayani a ƙasan suna ba su da laifi. A cikin haɗin kansa kuwa suna kawo cunkoson baƙaƙe da rubutun da ba ya bin furuci. Couture ma, ga wanda ya karanta ta yadda aka rubuta, bakinsa yana kusantar kuturu. Mutum goma za su rubuta ta hanya huɗu ko biyar.

Kalmar sana'a da kalmar sana'a

A nan ana ajiye sunayen mutane, a tara kalmomin da ke cikin shagon da waɗanda ke bakin kwastoma: zare, allura, yadi, zani, riga, ado, kwalliya, sutura, lefe, shiga. A rubuta goma a dama, goma a hagu, a riƙa gwada su bibbiyu, gaba da baya. Ado kalma ce mai sauƙin haɗi, domin da wasali take farawa a rubuce, sai a yar da wasalin ƙarshe na kalmar farko ta zauna a gurbinsa. A zama ɗaya za a iya fitar da ashirin ko talatin, kuma yawancinsu za su mutu da zarar an furta su da ƙarfi.

Lefe da ado sun ba da Lefado, amma faɗo yana ciki. Riga da ado sun ba da Rigado, shiga da ado sun ba da Shigado, duka biyun kunne gado yake ji, mai ji zai zaci kafinta ne. Allurado tana da daɗin faɗa, sai dai allura a bakin mutane ta fi karkata ga asibiti da kemis. Kwalliya da yadi suna haɗuwa a kan ya su ba da Kwalliyadi, haɗi mai tsabta da ma'ana a fili, amma haruffa goma ne, kuma l ɗin biyu, rabin masu rubutawa ɗaya za su sa. Duk kalmar da ke da baƙi mai ninki tana da wannan matsalar. Haka kalmar da ke da c, wadda mai karatun Turanci zai furta kamar k, da mai ts, wadda ke wahalar da wanda ba Hausa ya tashi da ita ba.

Biyu sukan rage: Zarado daga zare da ado, da Zanado daga zani da ado. A kunne kusan tagwaye ne, kowace gaɓa uku, haruffa shida, babu lanƙwasa, babu ninki. Abin da ya raba su shi ne haruffa huɗu na farkon Zarado su ne Zara, babban kamfanin tufafi na ƙasar Sifen. Ƙaramin shago a Jos ba lallai wani ya kula da shi ba, amma ranar da aka je neman rajistar tambari a ajin tufafi, kamannin zai iya zama dalilin ƙi ko na ƙorafi. Ko kafin nan, wayar kwastoma tana iya jawo mata wancan sunan tun kafin ta gama rubutawa. Zanado ba ta da wannan nauyin. Bahaushe yana jin zani a ciki, yana jin zane na fasali, kuma gaba ɗayanta tana kama da "zan yi ado" da aka taƙaita. Namiji ma zai iya faɗin haka, don haka ƙofar kaftani a buɗe take.

Raunin wannan hanya shi ne sunan ba shi da fuskar mutum. Watannin farko sai an yi ta maimaita shi, a baki da kan leda da kan rasit, kafin unguwa ta daina cewa shagon Hadiza. A madadin haka, ba ya mutuwa da rabuwar tarayya, ana iya sayar da shi ko a bar wa yara, kuma yana iya buɗe reshe.

A ganinmu, ga Hadiza da Rahila, Zanado ce ta farko, Hadira ta biyu. Da Hadiza ita kaɗai ce, kuma sunanta ya riga ya zaga gari, da hanya ta biyu za mu tura ta, ta nemi haɗin da ba shi da matsalolin Haɗinki.

Gwaji kafin a kashe ko kwabo

Kada a tambayi 'yan uwa ko sunan ya yi daɗi, za su ce ya yi. A yi saƙon murya, a faɗi sunan sau ɗaya a cikin jimla, kamar "a Zanado na ɗinka", a tura wa mutum goma, a ce su rubuto abin da suka ji. A tabbata cikin goman akwai dattijuwa, akwai budurwa, akwai aƙalla huɗu da Hausa ba harshen gidansu ba ce. Idan ƙasa da takwas suka rubuta daidai, sunan yana da matsala, kuma kuskuren zai nuna inda take: idan duk a harafi ɗaya suke tuntuɓe, wannan harafin za a canza. Su waɗannan huɗun a tambaye su kai tsaye ko kalmar tana kama da zagi ko abin kunya a harshensu, domin wannan ba abin da Bahaushe zai iya ganowa da kansa ba ne. Bayan kwana uku a sake kiran goman a ce, mene ne sunan nan? Wanda aka tuna ba tare da an duba waya ba shi ne ya ci.

Daga nan sai hukuma, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Teloli da yawa sukan fara da allo da lebul, su je rajista daga baya, a ce musu sunan na wani ne. A fara da binciken sunan a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, inda kowa zai iya duba sunayen da aka riga aka yi wa rajista. A gwada har da rubutun da ke kusa, kamar Zanadu da Zannado, domin hukumar tana ƙin sunan da ya yi kama da wani har ya iya ruɗar mutane, ba sai wanda ya zo daidai ba. Idan hanya a buɗe take, a nemi a keɓe sunan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da kwana 60 ga sunan da aka keɓe, a cikinsu ake kammala rajista. A je da suna na biyu a hannu, shi ya sa muka ajiye Hadira. Dokar ta ɗauke wa mutum wajabcin rajista ne idan da sunansa na gaskiya kawai yake kasuwanci ba ƙari. Ƙirƙirarren suna irin waɗannan yana buƙatar rajista. Da takardar ce kuma banki zai buɗe asusu da sunan shagon, yadda mai tura kuɗi za ta ga sunan da ke kan allo shi ne ya fito a wayarta, hankalinta ya kwanta.

Rajistar CAC ba ita ce rajistar tambarin kasuwanci ba. Wannan ofishi ne dabam, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A can aji-aji aka kasa kayayyaki da ayyuka: tufafi suna aji na 25, aikin ɗinki na oda yana aji na 40, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Shagon da ke ɗinka wa unguwa kawai zai iya jinkirta wannan. Wanda ya fara ɗinka kaya da yawa yana aikawa Abuja da Kaduna da sunansa a wuya, lokaci ya yi. A nan ma hanya ta uku tana da riba, domin ƙirƙirarriyar kalma ta fi saurin karɓuwa a kan kalmar da ke bayyana sana'a kai tsaye, irin ɗinki ko kwalliya, waɗanda ba a ba mutum ɗaya ya mallake su.

A ranar da aka keɓe sunan, a kama shi a Instagram da TikTok da Facebook da rubutu iri ɗaya. Idan an riga an ɗauki sunan tsurarsa, a ƙara garin, kamar `zanado.jos`, kada a ƙara lambobi ko layukan ƙasa biyu da ba mai iya tunawa.

Lebul shi ne na ƙarshe. Ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga faɗinsa bai cika wuce inci biyu ba, kuma a nan tsawon suna yake nuna kansa. Haruffa shida za su zauna manya-manya a wannan fili, haruffa goma sai an matse su. Idan da keken aiki za a rubuta sunan, harafin da tsayinsa bai kai kwatan inci ba yakan cushe, ramin a da o da d su toshe da zare. Masu saƙa lebul kuma ba sa yin kaɗan, da ɗaruruwa suke karɓar aiki, don haka a nemi samfuri ɗaya tukuna, a ɗinka shi a tsohuwar riga, a wanke sau uku, a goge da dutsen guga mai zafi. Idan har yanzu ana karanta sunan daga nisan hannu, sai a ba da odar sauran.